Ina neman Hausar "firiliminari objekshin" kafin daren Alhamis

Rabi Mai Shiri: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da ƙarfe tara na dare zan gabatar da shirina na shari'a a rediyo, kuma kalmomi uku sun tsaya mini a wuya. Wani mai sauraro, tela ne, ya kawo mini takardunsa a cikin baƙar leda. Wata hukumar jiha ta rushe masa shago ranar 10 ga Maris 2023. Ya yi ta rubuta wasiƙu ana ce masa ya dawo mako mai zuwa, bai shigar da ƙarar neman diyya a babbar kotu ba sai 4 ga Satumba. Ranar da aka fara zama ya je da shaidu biyu da hotuna, ba a ko dube su ba. Lauyan gwamnati ya tashi da abin da suke kira firiliminari objekshin, ya ce ƙarar satatut-bad ce, don haka kotu ba ta da jurisdikshin. Alƙali ya amince. Har yau bawan Allahn nan gani yake sayen alƙali aka yi. Ina so in faɗa masa abin da ya faru da Hausar da zai gane. Me zan kira ukun nan?

Barista Nura: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Na ukun babu wahala, hurumi ne, kuma kunnen mutane ya saba da "kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar". Na farko ni "sukar farko" nake cewa. Na biyu, "wa'adin shigar da ƙara ya wuce".

Abin da ya ci telan shi ne sashe na 2(a) na dokar kare ma'aikatan gwamnati. Wata uku ta bayar daga ranar da aka yi abin. Nasa ya cika wajen 10 ga Yuni, shi kuma ya zo a Satumba. Alƙali ba ya buƙatar shaida ko ɗaya a nan. Takardar mai ƙara zai ɗauka, ya ga ranar da shi da kansa ya rubuta cewa an rushe shagon, ya dubi hatimin rajistara na ranar shigarwa, ya ƙirga. Haka Kotun Ƙoli ta tsara a shari'ar Egbe da Adefarasin a 1987. Wasiƙun da ya yi ta rubutawa ba sa tsayar da ƙirgar, kuma yawancin mutanenmu a nan suke faɗuwa.

Malam Ilyasu Muhuti: Ban ga abin nema ba. Shekara ashirin da shida na yi a kotun shari'a, wannan wucewar wa'adin hauzi muke ce masa. Yana cikin Tuhufa, littafin fikihun da alƙalai suke aiki da shi. Wanda ya riƙe gona shekara goma mai ita yana gani bai yi magana ba, ba a jin da'awarsa. Tsakanin 'yan uwa kuwa sai an kai arba'in. Ki ce hauzi, 'yata, dattawa za su gane.

Barista Nura: Allah ya gafarta Malam, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Hauzi sai da riƙo: wani yana zaune a kan abu, yana noma ko gini, mai shi yana gari, kuma babu abin da ya hana shi magana. Dole a kawo shaidu a kan duk wannan. Wa'adin dokar boko bai tambayi ko wani ya riƙe wani abu ba, kwanan wata kawai yake dubawa. A maganar tela me hukumar ta riƙe? Idan Hajiya ta ce hauzi, mai sauraro zai ɗauka yana da shekara goma, alhali wata uku ne.

Malam Ilyasu Muhuti: Na karɓi wannan. Amma "suka" fa ina da ja. A wurinmu shaida ake suka, a ce maƙaryaci ne ko yana da gaba da wanda ake ƙara. Wanda ya saba da kotunmu zai ji kamar an riga an kira shaidu.

Dakta Bello Gusau: Shi ya sa tun bara nake cewa a yi amfani da "sukar zaure". Ku duba hoton: baƙo ya zo gida, an tare shi a zaure, an ce ba za ka shiga ba, ba a ma tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Wannan ita ce ma'anar gaba ɗaya. "Sukar farko" fassara ce kalma da kalma, ba ta da rai. Farkon me? Na koyar da "sukar zaure" ga ɗalibaina, nan take suka kama. Ga satatut-bad kuma ina ba da "ƙara ta yi kwantai".

Hadiza Ɗanladi: Kwantai kayan da ba a saya ba ne, Dakta, kuma gobe ana iya mayar da su kasuwa. Wannan ƙarar ba ta komawa. Ni kamfani nake yi wa tafinta, abin da nake rubutawa shi ne "wa'adi ya ci ƙarar".

Amma Barista, ba a ce idan cutarwa tana ci gaba wata ukun ba ya fara ƙirguwa ba? Telan har yau ba shi da shago, kullum asara yake yi.

Barista Nura: Rabin maganarki daidai ne. Sashen ya ce idan ɓarnar mai ci gaba ce, sai ta tsaya ake fara ƙirga. Amma kotuna sun bambanta aikin da ake ta maimaitawa da raɗaɗin aikin da aka yi sau ɗaya. Rusau rana ɗaya aka yi, talaucin da ya biyo baya sakamako ne. Ƙofofin da lauyansa zai iya ƙwanƙwasawa daban suke: dokar ba ta kare ma'aikacin da ya fita daga ikon ofishinsa ko ya yi da mugun nufi, ba ta shafi ƙarar karɓo fili ba, ba ta shafi saɓa kwangila ba. Da ya rubuta irin wannan dalla-dalla a takardar da'awarsa, da yana da abin tsayawa a kai. Kuma kada wani ya ce hukuma ai ba "ma'aikaci" ba ce. Shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kaduna a 1998 ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi.

Ɗanjuma Kwanar Dawaki: Barista, ni ma ga tawa. Baffana ya riƙe gonar mahaifinmu tun ina yaro, yanzu shekara goma sha tara. Kenan wata ukun nan ya wuce ni?

Malam Ilyasu Muhuti: Baffanka ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ɗana, kuma maganar gado a kotun shari'a take. Taka ce ta hauzi, kuma tsakanin dangi goma sha tara ba ta kai ba. Je ka ga alƙalin yankinku da magadan duka.

Dakta Bello Gusau: Mu koma kan kalma. Abin da ke ci mini rai shi ne duk abin da aka faɗa a gidajen rediyon Kano sai ya zama doka, wanda ya fito daga Zamfara ko Sakkwato kuwa a kira shi ƙirƙira. "Ƙwarya-ƙwaryar hukunci" wa ya zauna ya amince da ita? 'Yan jarida suka yi ta faɗa har ta zauna. Kuma hurumi da wa'adi duka aro ne daga Larabci. Yaushe za mu gina namu?

Hadiza Ɗanladi: To alƙali da shari'a da hukunci fa? Idan muka kore su da me za mu yi shirin? Kakata ba ta san Larabci ba amma ta san wa'adin bashi.

Dakta Bello Gusau: Ban ce a kore su ba. Na ce idan muna da zaure a gida, kada mu ji kunyarsa don lauyoyi ba su saba ba. Shekara talatin ina wannan aiki, kullum sai wanda bai karanci harshe ba ya yanke mana.

Barista Nura: Dakta, ba raini ba ne, kuma hotonka yana da kyau. Matsalata da shi ta doka ce. Maganar hurumi ba a zaure kaɗai ake tayar da ita ba. Ana iya kawo ta ana tsakiyar shaidu, ana iya kawo ta karon farko a Kotun Ƙoli, alƙali ma yana iya ɗago ta da kansa ya nemi ɓangarorin su yi bayani. Tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim a 1962 aka kafa cewa duk abin da kotu ta yi ba tare da hurumi ba banza ne, komai kyan yadda aka gudanar. Sannan a shari'o'in zaɓe, sashe na 285(8) na tsarin mulki ya ce a ji sukar amma a ajiye hukuncinta sai ranar hukuncin ƙarshe. Ka ga baƙon ya shige har tsakar gida.

Dakta Bello Gusau: Wannan hujjar ta kama "sukar farko" ma. Idan sai ƙarshe ake yanke ta, ina farkon?

Barista Nura: Gaskiyarka. Farkon yana nufin ita ake warwarewa kafin gundarin magana, ko da a rana ɗaya ne. Ban ce ta cika ba.

Rabi Mai Shiri: Wata tambayar ta taso. Wucewar wa'adi da rashin hurumi abu ɗaya ne? Lauyan gwamnatin haɗa su ya yi.

Barista Nura: Nan mu kanmu ba mu gama ba. Dokokin manyan kotuna suna son wanda ake ƙara ya rubuta kariyar wa'adi a takardar martaninsa. Amma a shari'ar Elabanjo da Dawodu a 2006 Kotun Ƙoli ta yarda a tayar da ita tun kafin a shigar da martani, domin ta taɓa hurumi. Ga mai sauraro, bambancin da ya fi amfani shi ne abin da zai biyo baya. Wanda ya kai ƙarar sallama daga aiki babbar kotun jiha maimakon Kotun Ma'aikata, kuskuren ƙofa ya yi, yana iya zuwa inda ya dace idan lokaci bai ƙure ba. Wanda wa'adi ya ci, babu kotun da za ta karɓe shi a kan wannan da'awar, sai dai ya ɗaukaka ƙara ya nuna alƙali ya yi kuskuren ƙirga ko dokar ba ta shafe shi ba. Rediyo kuwa duka biyun "an kori ƙara" ko "an yi watsi da ƙara" take cewa.

Hadiza Ɗanladi: Ni ina raba su: "an cire ta daga jerin ƙararraki" ga wadda za ta iya dawowa, "an kore ta" ga wadda ta mutu.

Malam Ilyasu Muhuti: Ta yi tsawo, amma ba ta yi ƙarya ba.

Rabi Mai Shiri: Na gode muku duka. Ga abin da na rubuta: "Kafin a shiga gundarin magana, lauyan gwamnati ya yi sukar farko, ya ce wa'adi ya ci ƙarar, don haka kotu ba ta da hurumi." Dakta, zan yi amfani da misalin zaure wajen bayani, kuma zan ce daga wani malamin Hausa na samo. Telan zai zo situdiyo da ledarsa, zan sa ya karanta ranakun biyu da bakinsa.

Dakta Bello Gusau: Misali kawai kenan, ba suna ba. To, shi ke nan, Hajiya. A ajina dai sukar zaure zan ci gaba da cewa. "Wa'adi ya ci ƙarar" kuwa na yarda ta fi kwantai.

Barista Nura: Hajiya, ki tambaye shi ranar da aka yanke hukuncin kafin ku shiga shiri. Ɗaukaka ƙara ma tana da nata wa'adin, wata uku ga hukuncin ƙarshe, kuma idan ya wuce sai lauyansa ya roƙi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara masa lokaci tare da dalilin jinkirin.