Wace kalma za mu sa wa "landin kos"?

Sadiya Barnawa: Salamu alaikum, jama'a. Ina tsara littafin lissafi da Hausa don matan ƙungiyarmu masu yin odar kaya daga Caina. Akwai layin da ake rubuta abin da kowane kaya ya ci tun daga masana'anta har ya iso hannu, wanda 'yan kasuwa ke cewa landin kos. Na rubuta "kuɗin sauka", amma bai kwanta mini ba.

Isiyaku Panteka: Wa alaikumus salam. Kuɗin sauka ai ba tsayayye ba ne, Hajiya, ya danganta da nauyin kwali da yadda kuka yi da 'yan dako.

Sadiya Barnawa: To ka gani, Malam Isiyaku, abin da nake tsoro ke nan. Kai ma ka ɗauka ladan sauke kaya nake nufi.

Malam Tukur: Me ya hana "uwar kuɗi"? Duk abin da ka zuba kafin riba, uwa ce.

Alhaji Bala Kasuwar Gumi: Ka kusa, Malam, sai dai uwar kuɗi ta ɗan kasuwa ce gaba ɗaya, har da hayar shago da abin da ke aljihu. Wanda Hajiya ke nema na guda ɗaya ne. Bari in buga misali, alƙaluman ƙaddarawa na yi. A ce ka sayi fanka mai caji guda 1,000 a Guwanzu, kowace dala 10. Kuɗin jirgin ruwa da inshora dala 2,000. Kwastan ba a kan dala 10,000 za su yanka maka kuɗin fito ba, a kan 12,000 ne, don suna haɗa kaya da jirgi da inshora. Kuma da canjin da ke na'urarsu za su juya, ba wanda ka sayi dalarka ba. A ce nasu da naka duk naira 1,500 ne, ya zama miliyan 18. Idan kayan sun faɗa ajin kashi 20, fito miliyan 3.6 ne. Ƙananan caje-cajensu, da gwamnati kan taɓa lokaci-lokaci, na dunƙule su 700,000. Sannan harajin sayayya na kashi 7.5 ya hau kan jimillar duka, wato miliyan 22.3, ya ba da 1,672,500. Nan ne sababbin shiga ke zamewa, sai su lissafa shi a kan kuɗin kaya kawai. Ejan mai kiliyarin, wato mai fitar maka da kaya daga hannun kwastan, da kamfanin jirgi da tasha a ce miliyan 1.5, tirela daga Apapa zuwa Kaduna da 'yan dako miliyan 1.8. Jimilla 27,272,500. Ka buɗe kwantena ka tarar 30 sun fashe, to 970 za ka raba wa. Kowace fanka ta tsaya maka kusan 28,100. Wanda ya riƙe 15,000 a ransa ya sayar 25,000, murna yake yi alhali jarinsa yake ci. Mu a kasuwa tambayarmu ita ce, "A nawa ya tsaya maka?" Saboda haka ni "kuɗin tsayawa" zan rubuta.

Malam Tukur: Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Amma kuɗin mota bai kamata ya shiga ba. Kaya sun sauka tun a Legas.

Alhaji Bala Kasuwar Gumi: Ga mai shago a Legas, haka ne. Mu lissafinmu bai ƙare ba sai ƙofar sito. Ko ta tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018 ka fitar da kayan, hanyar Legas zuwa nan kai za ka biya, sunan takardar ne kawai ya sauya.

Maman Ilham: Ni ban taɓa cika kwantena ba, haɗaka muke yi, ejan ya ce kuɗi kaza a kan awon faɗin kwali, har da fito a ciki. Na kawo kuloli da agoguna tare, na raba kuɗin daidai kan kowane guda. Agogo ya yi tsada ya ƙi tafiya, kuloli suka ƙare nan da nan, da na zauna lissafi babu riba.

Alhaji Bala Kasuwar Gumi: Agogo ne ya ɗauki nauyin kula, 'yar'uwa. Tunda da awo aka caje ki, da awo za ki raba: kula mai cin wuri ta ɗauki kaso babba. Wanda ya yi kiliyarin da kansa kuwa, fito ya raba shi bisa darajar kowane kaya da ajinsa, jirgi da mota bisa wurin da ya ci.

Isiyaku Panteka: "Kuɗin tsayawa" a kunnena kamar tarar da ake biya idan kwantena ta daɗe a tasha.

Sadiya Barnawa: Wannan damarej ne, shi ma cikin lissafin yake shiga. Amma ka tayar mini da shakka. "Farashin isowa" fa?

Malam Tukur: Farashi na mai sayarwa ne. Sai mata su ɗauka a haka za su sayar.

Sadiya Barnawa: To zan sa "Yadda ya tsaya mini" a kan layin, ranar Asabar in gwada wa mata biyar ba tare da bayani ba, in ji me za su fahimta. Alhaji, ladan banki na tura dala fa, a nan zai shiga ko layinsa daban?