Harajin kwastan: a kan FOB ake lissafi ko CIF?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tayil da na yo oda daga Guangzhou, kwantena na kan hanyar Apapa, lissafin haraji kuma ya ɗaure mini kai.

A takardar kamfani kuɗin kaya dala 12,000 ne, an rubuta FOB a gefe, wato kuɗin kaya har zuwa loda su a jirgi, ban da kuɗin jirgi da inshora. Ejan ɗina ya ce harajin kashi 20 cikin ɗari ne, ya turo mini dala 2,400. Da na duba, sai na ga a kan kuɗin kaya kawai ya buga. Ni kuwa a sanina kwastan a Najeriya a kan CIF suke karɓa, wato kaya da kuɗin jirgi da inshora. Jirgi dala 1,800 ne, inshora 120, jimla 13,920, haraji ya zama 2,784. Bambancin dala 384 ke nan, kuma zai ja harajin VAT sama, tunda shi ma daga can yake tasowa. Gara in sani yanzu da a riƙe mini kaya a tashar ruwa, kuɗin ajiya na hawa kullum.

Ga inda na maƙale. Masu dakon kayan, takarda ɗaya suka ba ni ta dala 2,300: 1,800 na ruwa, 500 na tirela daga Legas zuwa Kano. Ina ganin 500 ɗin bai kamata ya shiga ba, tunda kuɗin dako ne na bayan kaya sun sauka ƙasa. To ko kwastan za su yarda in cire shi da kaina, ko sai an raba takardar biyu? Wanda ya taɓa fitar da kaya a irin wannan hali, don Allah ya haska mini.