"Tun ran gini, tun ran zane": ta dace da zaman neman aiki a gaban mai kamfani?

Sagir Ɗorayi: Assalamu alaikum. Na je neman aikin kula da sito da lissafi a wani ƙaramin kamfanin dillancin kayan masarufi kusa da kasuwar Singa, ma'aikatansa ba su kai goma ba. Alhajin ya zaunar da ni, ya sa aka kawo lemo, muka yi ta hira, bai ko buɗe takarduna ba. Ya ce in dawo Asabar mu ƙarasa. Ba a yi zancen albashi ba. Da na ba mahaifina labari sai ya ce "tun ran gini, tun ran zane", ya yi shiru. Me yake so in yi?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Mai ginin tukunya tun yumɓu na ɗanye take yi mata ado, in ya bushe sai dai a bar ta haka ko a fasa. Baba yana ce maka ne duk sharaɗin da za a gindaya, a gindaya shi kafin ka karɓi makulli. A babban kamfani akwai ofishin ma'aikata da takardar ɗauka, su za su yi maka wannan zanen ko ba ka tambaya ba. A wurin Alhajinka shi ne ofishin, shi ne takardar. Abin da ya fita daga bakinsa ranar Asabar shi ne ƙa'idar aikinka.

Ummi Zariya: Ni a bango na san ta, Malam, irin zanen gidajen ƙasa na cikin birni. Amma ma'anar ɗaya ce. Inda na tsaya shi ne, anya ta dace da nan? Mutum ya karɓe ka hannu bibbiyu, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kai kuma ka zo masa da jerin sharuɗɗa kamar lauya. Irin waɗannan Alhazan da sun ji haka sai su ce yaron nan ido ne da shi a kan kuɗi, su ɗauki ɗan maƙwabci.

Malam Habibu: Malama Ummi, gaskiyarki a kan salon magana. Amma karin maganar da kika kawo tana yabon mai masauki ne, ba ta ce baƙo ya bar hankalinsa a ƙofar gida ba. Kuma kada Sagir ya ɗauka hirar nan hira ce kawai. In Alhaji ya ce "ɗan gidan waye kai?", yana neman wanda zai kama ne in kuɗi sun ɓata. In ya ce "me ya raba ka da tsohon wurin aikinka?", yana sauraron yadda za ka yi maganarsa shi ma a bayan idonsa. In ya tsaya amsa waya ya bar ka zaune, ko ya jefo maka lissafin katan nawa sau nawa a tsakiyar zance, duk awo ne. Shi yana aunawa cikin raha, kai ma sai ka yi tambayarka cikin raha.

Bash Kwanar Jaba: Ba sai an wahala ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, doka ce. Ko bai faɗa ba dole ya biya.

Hajiya Rabi Akanta: Bash, adadin daidai ne, amma dokar ta cire wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sagir ya ce nan ba su kai goma ba, don haka in Alhaji ya yanka 50,000 bai karya wannan dokar ba. Abin da Dokar Ƙwadago ta tanada a sashe na 7 shi ne a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya cika da farawa, sai dai ƙananan wurare da yawa ba sa yi.

Amma ni a wannan aikin albashi ba shi ne babban zanen ba. Sito ne. Ɗana Sagir, tambayi abu biyu: makulli nawa ne kuma a hannun su wa suke, sannan in kaya sun yi giɓi wa zai biya. A ce littafi ya nuna katan 400 na taliya, a ƙasa kuwa 388 ne, domin ƙanin Alhaji ya ɗebi 12 ya ba wani bashi tun kafin zuwanka, ba a rubuta ba. Ka karɓi makulli ba ƙirga. Ƙarshen wata aka ƙirga, giɓin ya hau kanka. In katan yana 18,000, naira 216,000 ke nan, mai albashin 60,000 ya yi sama da wata uku da rabi yana aikin banza. Ba wanda zai saurari "haka na tarar", tunda babu shaida. Saboda haka ranar karɓar makulli a ƙirga kaya jeri-jeri a gabanka da wanda yake miƙawa, a rubuta, ku sa hannu ku biyu, Alhaji ya gani. Daga ranar kuma kaya ba sa fita sai da takarda, ko ɗansa ne ya zo. Wannan buƙatar ba ta ɓata wa mai dukiya rai, daɗi ma yake ji, domin dukiyarsa kake karewa. In ka ga ya yamutsa fuska da jin zancen ƙirga, to ka san akwai abin da ke ƙasa.

Ɗan Asabe: Ni dai abin da na fahimta, Baba na nufin shiga ta farko. Ka sa manyan kaya da hula, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi. Yadda ya fara ganinka haka zai riƙe ka.

Ummi Zariya: Ɗan Asabe, ai ya riga ya je, har lemo ya sha.

Nura Direba: Bari in ba ku nawa. Wani mai kamfanin ruwan leda ya ce min "kai ɗan gida ne, ba sai mun yi ciniki ba". Ƙarshen wata ya ba ni abin da ya ga dama. Lahadi ma ina kai iyalinsa unguwa, tunda ɗan gida ne. Takardar shaidar karatuna ta asali kuma tana durowarsa, sai da aka sa baki kafin ta fito. Sagir, kwafi kawai za ka bayar. In yana son jingina, kawo masa mai tsaya maka.

Sagir Ɗorayi: Na gode. To Hajiya, yaya zan ce a rubuta ba tare da ya ji kamar ban yarda da shi ba?

Hajiya Rabi Akanta: Ba sai ka ce "a ba ni takarda" ba. In an gama sai ka maimaita a gabansa: "Ranka ya daɗe, don kada in yi kuskure, Litinin zuwa Asabar, takwas zuwa shida, kaza a wata, kuɗin abinci daban, gwaji wata biyu." Da yamma ka tura masa haka ta WhatsApp tare da godiya. Ko "to madalla" ya amsa, ka samu abin riƙewa. Ka kuma tambayi wa za ka riƙa karɓar umarni daga gare shi in ya yi tafiya, domin a irin wuraren nan ɗa da ƙane da tsohon yaron shago kowa manaja ne.

Malam Habibu: Na yarda da duka, sai dai adadin ka bar shi ya fara faɗa. Yaro ba ya yanka wa babba farashi, kuma wataƙila abin da ke ransa ya fi naka.

Hajiya Rabi Akanta: Nan kam mun rabu, Malam. Ɗan kasuwa ne, kullum ciniki yake. In ya ce "nawa kake so?" ka ce "duk abin da Alhaji ya gani", ya gane ba ka san darajar aikin ba, kuma mutumin da bai iya cinikin kansa ba yaya zai yi da direbobin tirela? Ka binciki abin da masu sito ke karɓa a layin kafin Asabar, ka lissafa kuɗin adaidaita daga Ɗorayi kullum, ka faɗi adadi cikin ladabi.

Ummi Zariya: In kuma ya ce "fara tukuna mu ga hannunka"?

Hajiya Rabi Akanta: Sai ya ce to, na sati nawa, kuma nawa ne na satin.