Wane littafi zai koya mini magana da oga?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ina mataki na 8 a aikin gwamnati, shekarata biyu a kai. Aiki nake yi sosai, amma a gaban oga bakina mutuwa yake yi. Wane littafi kan sasantawa da iya magana a ofis zan karanta kafin lokacin ƙarin girma?

Tsohon darakta: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da Public Service Rules, littafin dokokin aikin gwamnati. A tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 sai ka cika shekara 3, ka ci jarrabawa, kuma a sami gurbi. Wannan ba a cinikinsa. Abin da za ka iya nema wurin oga shi ne aikin da zai fito da kai, da kwas, da adalci a fom ɗin auna aikinka na shekara.

A nan Getting to Yes na Roger Fisher da William Ury, na 1981, zai yi maka amfani. Koyarwarsa ita ce ka bar jayayya kan abin da kowa ya kafe a kai, ka nemo buƙatar da ke ƙarƙashi. A ce kana son a ba ka rubuta bayanin taro, oga ya ce akwai mai yi. Kada ka ce "ni ma ai na cancanta". Duba abin da ke damunsa: bayanin yakan yi mako biyu bai fito ba, darakta yana masa faɗa. Sai ka ce, "Ranka ya daɗe, in ka amince in riƙa taimaka masa da daftari, ya iso teburinka cikin kwana biyu." Bayan wata shida kana da abin rubutawa a fom, da kwanan wata.

Inda littafin ya gaza: yana ɗauka kana da mafita in magana ta watse. Ƙaramin ma'aikaci mafitarsa kaɗan ce, sai neman sauyin sashe.

Wani matashi: Never Split the Difference na Chris Voss ya fi, Baba. Ka maimaita kalmomin ƙarshe na mutum, zai yi ta zuba bayani.

Tsohon darakta: Da abokin aiki yana ci. Oga ya ce "babu gurbi", ka ce "babu gurbi?", zai ɗauka rashin kunya ce.

Wata ma'aikaciya: Ni bakina garau, amma na rasa zagaye guda na ƙarin girma saboda fom ɗina na shekara ɗaya ya ɓace daga fayil. Ƙanena, ka ajiye kwafin komai a gida. Difficult Conversations na karanta kafin in tunkari ogana, ya taimaka mini na fara da tambaya maimakon zargi.

Wani: Ina da tambayoyin jarrabawar baya, ka yi mini magana.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Amma a ofishinmu mai rubuta bayanin taro ya girme ni. Ba zai ga kamar ina neman kujerarsa ba?