Kyanwata ta jigata da zafi, ina neman taimako

Assalamu alaikum. Tun azahar kyanwata take kwance a ɗaki mai rufin kwano, baki buɗe tana haki, miyau na dalala. Dasashinta ya yi jajir, in ta miƙe sai ta yi tangaɗi. Na mayar da ita inuwa, na jiƙa mata ciki da tafin ƙafa da ruwan randa, ina yi mata fifita saboda babu wuta. Na guji ruwan ƙanƙara, kuma ban ɗura mata ruwa ba don kada ta shaƙe. Hakin ya ragu amma ta ƙi sha, ta yi amai sau ɗaya.

Likitan dabbobi yana da nisa. Don Allah masana, in ci gaba da jiƙa ta a hanya, ko in dakata tunda jikinta ya fara sanyi?