Launin jakata yana canzawa duk lokacin da na sa ta cikin sabon hoto

Salamu alaikum. Ina sayar da jakunkunan mata ta intanet, kuma kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya.

Na ɗauki hoton wata jakar fata mai ruwan zuma a kan farin bango, ina so in ɗora ta a kan teburin katako kusa da taga. Na loda hoton cikin Stable Diffusion, AI mai ƙirƙirar hotuna, ta img2img, inda ake ba shi hoto ya sake zana shi, na rubuta masa wurin da nake so, na ƙara da cewa kada ya taɓa launi ko siffar jakar. Da na sa denoising strength, wato yawan canjin da zai yi wa hoton, a 0.7 wurin ya fito da kyau, amma jakar ta koma ja-ja, maɗaurinta ya gajarce, zif ɗin zinare ya zama na azurfa. Da na sauke zuwa 0.3 jakar ta tsira, farin bangon kuma ya ƙi tafiya.

Na gwada inpainting, wato sake zana wani sashe na hoton kaɗai, na shafe bayan kawai. Launi ya tsaya daidai, amma babu inuwa a ƙarƙashinta, sai ka ce liƙa ta aka yi. Ba zan tallata abin da ba shi zan tura wa mutane ba.

Don Allah, ta yaya zan samar da inuwa a ƙarƙashin jakar ba tare da launinta da siffarta sun motsa ba?