Abin da mai fassara zai rubuta a ƙasan takarda kafin ofis ya karɓa

Na tambaya a kan fassarar takardar aure da ta haihuwa, mutane da yawa sun ba ni amsa, ga abin da na tattara. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Ingila, wato in za ka kai takarda ta Hausa ko Larabci ko Faransanci wurin neman biza, dole fassarar ta zo da bayanin mai fassara cewa wannan fassara ce daidai ta ainihin takardar, da ranar da aka yi ta, da cikakken sunansa da sa hannunsa, da yadda za a same shi, adireshi ko lambar waya, don ma'aikatan biza su iya bincikawa da kansu in sun so.

Amurka kuma, hukumar USCIS mai kula da shige da fice tana son mai fassara ya ce fassarar cikakkiya ce kuma daidai, sannan ya faɗa a fili cewa ya iya fassara daga wannan harshe zuwa Turanci. Wannan jimlar ta biyu ce ake yawan mantawa.

Wata baiwar Allah ta daɗe tana jan kunne a kan kalmar “cikakkiya”, kuma ni ma na ga gaskiyarta. Ta ce hatimin kotu, da rubutun biro a gefe, da abin da ke bayan takardar duk sai an fassara, inda bai karantuwa a rubuta cewa bai karantuwa, kada a yi kintace. Suna kuma a duba fasfo, in Muhammad ne a can kada fassara ta ce Mohammed.

Wani ya ƙara da cewa a haɗa kwafin ainihin takardar da fassarar, kuma kada mutum ya fassara tasa da kansa.